Kaurin Shimfiɗa da Faɗin Nozul: Yadda Ake Zaɓen Ma'auni a Firintar 3D

Firintar 3D irin wadda ta fi yawa a hannun jama'a tana gina abu ne da narkakkiyar roba. Zaren roba mai kaurin milimita 1.75 yana shiga kan narkarwa, ya narke a zafin da ya kai kimanin digiri 200 idan robar PLA ce, sannan ya fito ta wani ɗan siririn rami da ke bakin nozul. Kan yana tafe yana ajiye robar ziri-ziri a bisa faranti har ya zana siffar gindin abin da ake ginawa. Da ya gama sai ya ɗaga sama kaɗan ya aza wata shimfiɗar a kan ta fari, kamar dai yadda magini yake jera sahun bulo a kan sahu har bango ya tashi. Gwargwadon wannan ɗagawa shi ne kaurin shimfiɗa, kuma a manhajojin da ke yanka zane su tsara wa firinta hanyar da za ta bi, irin su Cura da PrusaSlicer, ana samunsa a gurbin da aka rubuta `Layer height`.

Lamba ɗaya ce ake rubutawa a wannan gurbi, amma ta shafi abubuwa uku a lokaci guda: santsin jikin abin da aka buga, ƙwarinsa idan ya ɗauki nauyi, da tsawon lokacin da firinta za ta kwashe tana aiki. Ba kuma a zaɓenta haka kawai. Faɗin ramin nozul ne yake yanka mata iyaka ta sama da ta ƙasa, don haka kowane lissafi daga nan yake farawa.

Iyakar da nozul yake sanyawa

Nozul ba zubo roba kawai yake yi ba. Bakinsa yana da ɗan shafaffen fili kewaye da ramin, kuma da wannan fili yake danne robar da ta fito a kan shimfiɗar da ke ƙasa. Idan aka yanka ziri ɗaya aka dube shi ta gaba, za a ga samansa da ƙasansa a baje suke, gefunansa biyu ne kawai suka yi tumbi. Wannan dannewa ita ke sa zafaffiyar roba ta manne da wadda ta riga ta fara hucewa. Saboda haka dole ne faɗin ziri ya fi kaurinsa. Nozul ɗin da yawancin firintoci ke zuwa da shi mai milimita 0.4 ne, kuma zirin da yake fitarwa yakan kai faɗin milimita 0.4 zuwa 0.48. PrusaSlicer takan sa shi a 0.45, Cura kuma takan bar shi daidai da faɗin ramin.

Daga nan ne aka sami ƙa'idar da masu wannan aiki suke bi: kaurin shimfiɗa ya tsaya tsakanin kashi 25 da kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na faɗin nozul. Ga nozul mai 0.4, hakan yana nufin daga milimita 0.1 zuwa 0.3, ko 0.32 a ƙarshen ƙarshe. Mai 0.25 yana aiki tsakanin 0.06 da 0.2, mai 0.6 tsakanin 0.15 da 0.48, mai 0.8 kuma tsakanin 0.2 da 0.64. A tsakiyar kowane zango akwai rabin faɗin nozul, wato 0.2 ga mai 0.4, da 0.3 ga mai 0.6, da 0.4 ga mai 0.8. Nan ne mafarin zaɓi, kuma ba a barinsa sai da dalili.

Iyakokin biyu ba ƙarfinsu ɗaya ba. Ta sama ba ta da sassauci. Idan aka umarci nozul mai 0.4 ya aza shimfiɗa mai kaurin 0.4, tazarar da ke tsakanin bakinsa da shimfiɗar ƙasa ta yi daidai da kaurin robar da ke fitowa, babu sauran abin da zai danne. Zirin zai sauka a mulmule, ya taɓa na ƙasa a ɗan siririn wuri, har ana iya ɓare su da farce. Iyakar ƙasa kuwa tana miƙewa gwargwadon lafiyar na'ura. Firintar da aka saita da kyau tana iya sauka zuwa 0.07 ko ma 0.05 da nozul mai 0.4. Matsalar ita ce a irin wannan siranta roba tana fita ne ta tsukakkiyar tazara, matsi yana ƙaruwa a cikin nozul, zaren yana daɗewa cikin zafi kafin ya fito, kuma ɗan kuskuren da bai kai a kula da shi ba a 0.2 yana zama babban kaso na shimfiɗar gaba ɗaya.

Santsi da bayyanar zane

Kuskuren da sababbin shiga suka fi yi shi ne ɗaukar cewa rage kaurin shimfiɗa yana gyara komai a jikin abu. A gaskiya ma'auni biyu ne suke raba aikin. Kaurin shimfiɗa yana kula da abin da ya tashi sama, faɗin nozul kuma yana kula da abin da ya kwanta a faɗi. Idan aka zana ƙananan haruffa a saman murfi, kuma sandar kowane harafi faɗinta milimita 0.3 ne, nozul mai 0.4 ba zai iya zana su da tsabta ba ko da an sauko da shimfiɗa zuwa 0.05. Ko dai manhaja ta tsallake su, ko su fito a cakuɗe. Maganin wannan shi ne ƙaramin nozul, ko kuma a ƙara girman haruffan a zane.

Haka ma bango miƙaƙƙe wanda ya tashi tsaye. Kowace shimfiɗa tana sauka daidai kan 'yar'uwarta, don haka siffar bangon ba ta canzawa ko da kauri ko da siriri aka buga shi. Abin da yake bambanta kawai shi ne zurfin layukan da ido yake gani, yatsa kuma yake ji.

Inda kaurin shimfiɗa yake nuna kansa sosai shi ne a kan gangare da kuma saman abu mai ƙubba. Firinta ba ta iya zana gangare sumul, sai dai ta yi shi matakala-matakala. Tsayin kowane mataki shi ne kaurin shimfiɗa, faɗinsa kuma ya danganta da yadda gangaren ya kwanta. A gangare mai digiri 45, shimfiɗa mai 0.2 tana ba da mataki mai faɗin 0.2, wanda da kyar ido yake kama shi. Idan gangaren ya kwanta zuwa digiri 30 daga shimfiɗaɗɗen fili, faɗin matakin ya koma 0.35. A digiri 10 ya haura milimita ɗaya, a digiri 5 kuma ya wuce milimita biyu. Shi ya sa idan aka buga ƙwallo, cikinta yakan fito da kyau, amma ƙoluwarta ta fito da zobba masu faɗi, ɗaya cikin ɗaya, waɗanda ake hangowa daga nesa. Rage kauri zuwa 0.1 yana raba faɗin kowane mataki biyu. Wannan ne ainihin abin da ake saye da ƙarin lokaci, kuma abin da ba shi da gangare mai kwanciya ba ya cin moriyarsa sosai.

Siririyar shimfiɗa tana da wani amfanin a ɓangarorin da suka leƙo waje babu komai a ƙarƙashinsu, irin su haɓar mutum-mutumi ko leɓen kofi mai buɗewa. A nan kowane ziri yana ɗan gotawa waje fiye da na ƙasansa, wani sashensa yana rataye a iska. Idan bangon ya karkata digiri 45, gocewar daidai take da kaurin shimfiɗa. Ziri mai faɗin 0.45 da aka aza a kaurin 0.1 bai kai rubu'insa ne yake rataye ba. A 0.2 kusan rabinsa ne, a 0.3 kuwa kashi biyu cikin uku nasa ba su da madogara. Irin wannan ziri yakan lanƙwashe ƙasa tun kafin fanka ta busar da shi, sai a ga zaruruwa suna reto a ƙarƙashin abin. Sau da yawa rage kaurin shimfiɗa yana sa a iya buga karkataccen bango ba tare da gina masa tokara ba, wanda hakan yake rage asarar roba da wahalar ɓamɓarewa daga baya.

Ƙwari

Abin da aka buga da firintar roba ƙarfinsa ba ɗaya ba ne ta kowace fuska. Idan aka ja shi ta tsawon ziri, robar ce kanta take riƙewa. Idan aka ja shi ta yadda za a raba shimfiɗa da shimfiɗa, mannewar da ke tsakaninsu ce kaɗai take riƙewa, kuma nan ne yawancin karaya take aukuwa. Duk wanda ya dubi bakin karayar zai gane: idan ta bi layi ɗaya ta rabu tas, mahaɗa ce ta saki.

Girman wannan mahaɗa ana iya ƙiyasta shi da sauƙi. Tunda gefunan ziri masu tumbi ne, wurin da yake taɓa na ƙasansa shi ne bajajjen tsakiyarsa kawai, kuma faɗin wannan wuri kusan daidai yake da faɗin ziri idan aka debe kaurinsa. Ziri mai faɗin 0.45 a kaurin 0.1 yana da mahaɗa mai faɗin 0.35, fiye da kashi uku cikin huɗu na faɗinsa ke nan. A kaurin 0.2 mahaɗar ta koma 0.25, ɗan fiye da rabi. A 0.3 ta ragu zuwa 0.15, sulusi kacal, sauran kuma 'yan ramukan iska ne da suke bin tsawon bangon tsakanin ziri da ziri. A aikace zafi da matsi suna ɗan cike waɗannan ramuka, don haka lambobin ba su zama daidai cif ba, amma alƙiblar da suke nunawa ba ta canzawa.

Gwajin da Vladimir Kuznetsov da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Polymers a shekarar 2018 ya tabbatar da haka. Sun buga samfurori da robar PLA, da nozul mai 0.4 da 0.6 da 0.8, a kauri daban-daban, suka karya su ta mahaɗa. A kowane nozul ƙwari ya ragu yayin da kaurin shimfiɗa ya ƙaru, kuma idan kaurin iri ɗaya ne, babban nozul ya fi ba da ƙwari. Darasin shi ne ba lambar kaurin ita kaɗai ake dubawa ba, ana duba ta ne a gefen faɗin nozul. Shimfiɗa mai 0.3 rarrauna ce a nozul mai 0.4 domin ta kai kashi 75 cikin 100 na faɗinsa, amma lafiya lau take a nozul mai 0.6 domin rabinsa ce kawai.

Wannan ba ya nufin a yi ta sirantawa don neman ƙarfi. Ribar da ake samu daga 0.2 zuwa 0.1 ba ta kai asarar da ake yi daga 0.2 zuwa 0.3 ba, kuma a ƙasa da 0.1 ɗan tangarɗa wajen fitar roba yana iya raunana shimfiɗa ɗaya, wadda ita kaɗai ta isa ta karya abin. Bugu da ƙari, akwai abubuwa biyu da suka fi kaurin shimfiɗa tasiri a kan ƙwari. Na farko shi ne yadda aka kwantar da abin a faranti. Ƙugiyar rataye kaya da aka buga a tsaye tana karyewa ta mahaɗa, amma idan aka kwantar da ita a gefenta, zirin yana bin lanƙwasarta daga farko har ƙarshe, nauyi kuma yana hawa kan robar ne ba kan mahaɗa ba. Na biyu shi ne yawan zirin bango. Ƙara su daga biyu zuwa huɗu yana ba da ƙarfin da babu wani sauyin kauri da zai ba da shi.

Lokaci: misalin akwati ɗaya

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar lokaci ita ce a bi abu ɗaya a lissafa. A ɗauki buɗaɗɗen akwati na ajiye ƙaramar na'urar lantarki, tsawonsa milimita 100, faɗinsa 60, tsayinsa 40. Kaurin bangonsa 1.8, kaurin gindinsa 1.2, kuma firinta tana gudun milimita 50 a sakan. Lissafin na kusa ne, domin bai haɗa da dumama na'ura da rage gudu a kusurwa ba, amma ya isa a kwatanta.

Da nozul mai 0.4 da ziri mai faɗin 0.45, bangon yana buƙatar ziri huɗu. Kewayen akwatin milimita 320 ne, don haka kowace shimfiɗa tafiyar milimita 1,280 ce, kusan sakan 26. Cike gindin sau ɗaya kuma yana cin kimanin minti huɗu da rabi. A kaurin 0.1, bangon shimfiɗa 400 ne, gindin 12, jimillar aikin kusan awa uku da minti 45. A kaurin 0.2 komai ya rabu biyu, shimfiɗa 200 da 6, aikin ya koma awa ɗaya da minti 52. A kaurin 0.3 bangon shimfiɗa 133 ne, gindin 4, aikin awa ɗaya da kwata.

Abin lura a nan shi ne ribar ba ta tafiya bai ɗaya. Hawa daga 0.1 zuwa 0.2 ya rage minti 112. Hawa daga 0.2 zuwa 0.3 minti 37 kawai ya rage, alhali a wannan matakin ne mahaɗa ta fi raguwa. Akwatin kuma bangonsa miƙaƙƙe ne, babu gangare, don haka ƙarin kusan awa biyu da 0.1 ta ci bai sayo komai ba sai ɗan laushin layi. Da wannan nozul, 0.2 ce amsar.

Idan ana son sauri fiye da haka, nozul ake canzawa. Mai 0.6, da ziri mai faɗin 0.6, yana cika bangon da ziri uku maimakon huɗu. A kaurin 0.3, wanda rabin faɗinsa ne, aikin yana ƙarewa cikin minti 56. Rabin lokacin 0.2 ke nan, kuma mahaɗar tana nan a rabin faɗin ziri. Abin da aka bayar a madadi shi ne kusurwoyi sun ɗan ƙara dasashewa, layukan bango sun ƙara fitowa, ƙananan haruffa kuma ba za su fito ba.

Daga nan mutum zai yi tsammanin nozul mai 0.8 zai sake raba lokacin. A nan ne ake cin karo da wata iyakar, wato yawan robar da kan narkarwa yake iya narkarwa a sakan ɗaya. Ana lissafa shi kamar haka:

```
kwarara (mm³/s) = kauri × faɗin ziri × gudu
```

Kan narkarwa na gargajiya, irin E3D V6 da makamantansa, yana iya narkar da kubik milimita 10 zuwa 15 na PLA a sakan, robar PETG kuma ƙasa da haka. A misalin akwati, kaurin 0.2 yana neman 4.5 kawai, nozul mai 0.6 a kaurin 0.3 yana neman 9, duka suna cikin iyaka. Amma nozul mai 0.8 a kaurin 0.4, da ziri mai faɗin 0.9, yana neman 18 a wannan gudun. A takarda aikin minti 28 ne. Idan iyakar kan 12 ce, dole gudu ya sauka zuwa milimita 33 a sakan, aikin ya koma minti 42. Akwatin yana ɗauke da roba kusan kubik santimita 30, kuma kan da yake narkar da kubik milimita 12 a sakan ba zai fitar da ita cikin ƙasa da minti 42 ba, ko wane nozul aka ɗaura masa. Da zarar an kai wannan iyaka, ƙara kauri ba ya ƙara sauri, sai dai ya ɓata fuskar abu a banza. A PrusaSlicer ana rubuta iyakar a gurbin `Max volumetric speed`, manhajar kuma ta riƙa rage gudu da kanta.

Tsawon lokaci yana da wani nauyi na daban a inda wutar lantarki ke yawan ɗaukewa, kamar garuruwa da dama na Nijeriya da Nijar. Aikin awa goma ya fi na awa biyar shiga haɗarin yankewa a tsakiya. Ko firintar tana iya ci gaba daga inda ta tsaya, farantin da ya huce yakan saki abin, mahaɗar da aka dawo a kanta kuma takan bar tabo da rauni. Wannan dalili ne mai ƙarfi na guje wa siririyar shimfiɗa a inda siffar abu ba ta neme ta ba.

Abubuwan da suke canzawa tare da kauri

Canza kaurin shimfiɗa yana jawo wasu gyare-gyare, kuma mantawa da su shi ke sa a ɗora wa kaurin laifin da ba nasa ba. Na farko shi ne rufin sama. Cikin abu yawanci ba a cike yake ba, raga ce, kuma rufin yana buƙatar kaurin kusan milimita 0.8 zuwa 1 kafin ya rufe ragar sumul. A 0.2 shimfiɗa huɗu ko biyar sun isa. Idan aka sauka zuwa 0.1 aka bar adadin a huɗu, rufin milimita 0.4 ne kawai, sai ya fito da ƙuraje da 'yan huji a daidai gurabun ragar. A wannan kaurin ana buƙatar takwas zuwa goma.

Na biyu shi ne shimfiɗar fari, wadda take da nata gurbin daban. Ana barinta a 0.2 ko sama da haka kaɗan ko da sauran aikin a 0.1 yake, domin babu farantin da yake a miƙe ɗari bisa ɗari. Idan farantin ya yi tudun milimita 0.05 a wani wuri, rabin shimfiɗa mai 0.1 ya tafi, amma mai 0.2 rubu'inta kawai ya taɓa.

Na uku shi ne tsayin abu. Firinta ba ta aza rabin shimfiɗa, don haka tsayin ƙarshe yana tsayawa ne a inda lissafi ya faɗa. Abu mai tsayin milimita 10, da shimfiɗar fari 0.2 da sauran a 0.3, zai ƙare a 10.1, domin ragowar 9.8 ba ta rabuwa daidai da 0.3. Ga kayan ado wannan ba komai ba ne, amma ga abin da zai shiga cikin wani gurbi yana iya hana shi zama. A irin wannan hali ana zaɓen kaurin da yake raba tsayin ba saura.

Akwai kuma dalilin da ya sa ake ganin lambobi irin su 0.12, 0.16, 0.2 da 0.28 a tsare-tsaren firintoci irin Ender 3. Injin da yake ɗaga kan yana juyawa ne taki-taki, taki 200 a zagaye ɗaya, dogon sukurun da yake juyawa kuma yana hawa milimita 8 a kowane zagaye. Cikakken taki ɗaya milimita 0.04 ke nan, kuma duk waɗannan lambobi ninkinsa ne. Injin yana iya tsayawa a tsakanin taki, kuma bambancin ba shi da yawa a na'ura mai lafiya, amma bin ninkin ba ya cin komai.

Kauri biyu a abu ɗaya

Abubuwa da yawa suna da ɓangaren da yake neman siriri da wanda bai damu ba. Maɓallin juyawa na rediyo misali ne: jikinsa miƙaƙƙe, kansa mai ƙubba. Ba dole ne a buga shi duka a 0.1 saboda ƙubbar ba. PrusaSlicer tana da `Variable layer height`, Cura tana da `Use Adaptive Layers`, kuma dukansu suna barin jikin ya tafi a 0.2 ko 0.28, kaurin ya riƙa raguwa a hankali har ya kai 0.08 ko 0.1 a ƙoluwa. Ana son sauyin ya zo sannu a hankali, domin tsalle daga kauri zuwa siriri yana barin ɗamara a jikin abin, inda ƙyallin robar yake canzawa.

Wata dabarar ita ce a buga bangon waje da siriri, ragar ciki kuma da kauri. Idan bango yana tafiya a 0.1, ana iya sa a aza raga sau ɗaya bayan kowace shimfiɗa biyu, a kaurin 0.2. Gurbin shi ne `Combine infill every` a PrusaSlicer, ko `Infill Layer Thickness` a Cura. Sharaɗin dai shi ne jimillar kaurin kada ta wuce iyakar nozul.

Alamomin kuskure da tsarin zaɓi

Abin da aka buga yana nuna inda aka kuskure. Idan kauri ya wuce ƙarfin nozul, zirin yana fitowa a mulmule, ana ganin duhun rata tsakanin layuka, kuma bango yana tsagewa ta layi idan aka matse shi da hannu. Idan kwarara ce ta wuce ƙarfin kan narkarwa, giyar da ke tura zare tana ƙas-ƙas tana cin jikin zaren, a ga garin roba a kusa da ita, dogayen layuka kuma suna sirancewa a tsakiya inda gudu ya fi yawa. Maganin wannan shi ne rage gudu, ko ƙara zafi da digiri 5 zuwa 10. Idan siranta ce ta yi yawa, nozul yana gogar abin da ya riga ya aza, roba tana taruwa a bakinsa tana ƙonewa, wasu shimfiɗun su fito a cike wasu a rame. Ƙaramin nozul mai 0.2 ko 0.25 kuma saurin toshewa gare shi, musamman idan ƙurar hunturu ta hau zaren, don haka ana ajiye zaren a rufe, a kuma sa masa ɗan soso yana goge shi kafin ya shiga kai.

Zaɓin yana tafiya ne bi da bi. Da farko ana duba mafi ƙanƙantar zane da ya kwanta a faɗi da kuma girman abin, a zaɓi nozul: 0.25 don ƙananan siffofi masu rubutu, 0.4 don aikin yau da kullum, 0.6 ko 0.8 don manyan kayan aiki. Daga nan a fara da rabin faɗinsa. Idan akwai gangare mai kwanciya, ko ƙubba, ko karkataccen bango, a sauka zuwa rubu'i ko sulusin faɗin, a wannan ɓangaren kaɗai idan zai yiwu. Idan samfurin gwaji ne wanda ba zai ɗauki nauyi ba, a hau zuwa kashi 70 ko 75 cikin 100. Abin da zai ɗauki nauyi kuwa ba a wuce masa rabi, kuma idan lokacinsa ya yi tsawo sai a ɗaura babban nozul. A ƙarshe a ninka kauri da faɗi da gudu a tabbatar kwararar tana cikin ƙarfin kan narkarwa, a gyara adadin shimfiɗun rufi, sannan a buɗe hoton gwaji da manhaja take nunawa a duba matakalar gangare da ƙiyasin lokaci kafin a tura aikin zuwa firinta.